Kafin Ka Tura Kuɗi Sabon Gari: Tambayar Tamostat da Robar Ƙofar Tsohon Firji

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Karaye da Rogo, da na Kafin Dafga, Yammedi, Turawa, Zarewa, Fulatan da Sundu, musamman matan gida masu sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, da masu shagunan lemo, da masu kemis da ke ajiye maganin da ba ya son zafi.

Yau maganar tsohon firji za mu yi, amma ba gyaransa gaba ɗaya ba. Abu ɗaya za mu ɗauka, wato saƙon da mutum ke aika wa mai shagon kayan firji a birni, yana tambaya ko tamostat ɗin da yake sayarwa, ko robar ƙofa, za su dace da firjinsa. Wanda ke zaune cikin Kano ba ya damuwa da wannan, sai ya kwance tsohon ya jefa aljihu ya nufi Sabon Gari, a gwada a gabansa. Mutumin Karaye kuwa sai ya bi ta Gwarzo ya ɓata wuni guda, na Rogo ma ya fi shi nisa, har wasu Zariya suke gwammacewa. Kuɗin mota zuwa da dawowa yakan fi kuɗin kayan da za a sayo. Shi ya sa ake tura saƙo ta WhatsApp, a tura kuɗi, a ba direba ya kawo tasha. In saƙon bai cika ba, abin da direba zai miƙo maka ba shi ne firjinka ke buƙata ba, kuma mayar da shi wata tafiyar ce.

Ga irin saƙon da aka fi turawa: «Salam Alhaji, kana da tamostat na Thermocool tsoho mai ƙofa biyu? Zai shiga?» Amsar da za ta dawo kuma kowa ya san ta: «Akwai, zai yi.» Ba lallai ne a ce mai shagon ƙarya yake ba. Bai ga firjin ba, kuma ba ka ba shi abin da zai kama ba. Kamar ka aika wa tela ne ya ɗinka maka riga, ka ce masa kai dogo ne, ka yi shiru. Sunan da ke rubuce a ƙofa ba ya faɗin komai a kan kayan ciki, domin kamfani ɗaya yana da samfuri masu yawa cikin shekaru masu yawa. Kuma yawancin masu ƙera firji ba su suke ƙera tamostat ba, saye suke yi a wurin wasu kamfanoni kamar Ranco da Danfoss, ko masana'antun ƙasar Sin. Ƙari a kan haka, firjin da ya shekara ashirin yana yawo hannu-hannu, wataƙila tun daga Turai ya zo cikin kayan gwanjo da muke kira Beljiyam, zai yi wuya a ce ba a taɓa canja masa wani abu ba.

Amma kafin mu rubuta saƙon, sai mun tabbatar tamostat ɗin ne ya lalace. A ganina an fi zaluntar tamostat fiye da kowane abu a jikin firji, duk abin da ya faru shi ake ɗora wa laifi.

Aikinsa guda ɗaya ne. Makunni ne mai doguwar wutsiya siririya ta ƙarfe, wutsiyar nan kuma bututu ce da aka ɗura wa iska aka toshe. Bakinta na manne da wurin da ke yin sanyi. In wurin ya ɗumama, iskar ta buɗe, ta tura makunnin, kwamfireso ya tashi. In sanyi ya kai, ta tsuke, kwamfireso ya tsaya. Saboda haka lalacewarsa iri biyu ce. Ko dai ya maƙale a kunne, ko ya maƙale a kashe.

In ya maƙale a kunne, za ka ga sanyi ya wuce kima. Zoɓon da ke ɗakin ƙasa ya daskare, tumatir ya zama dutse, ka mayar da abin murɗawa lamba 1 amma inji bai tsaya ba. Wannan alamar tamostat ce, ko kuma bakin wutsiyar ya zame daga mazauninsa. Amma in injin ba ya tsayawa kuma sanyin bai kai ba, to tamostat gaskiya yake faɗa, sanyin ne bai zo ba. Nan sai a duba gas, ko robar ƙofa, ko ƙurar da ta toshe ƙarafan baya. A tuna kuma da irin wutar da muke samu. Firjin da aka kawo wa wuta awa uku bayan ya wuni a kashe, cike da robobin kunu masu ɗumi, ba zai tsaya ba har a ɗauke wutar, ko da sabo ne fil.

In kuwa ya maƙale a kashe, fitilar ciki za ta kama amma baya tsit, ba ƙara ba motsi. Mai gyara yakan zare fulogi, ya haɗa wayoyin nan biyu da ke bi ta tamostat, ya mayar da wuta na ɗan lokaci. In inji ya tashi, an gano mai laifi. Wannan gwajin mai gyara ne, ba na maigida ba. Idan kuma kana jin inji ya yi gurnani kaɗan, sai ƙas, ya yi shiru, bayan 'yan mintoci ya sake, to bar tamostat ya huta. Wannan ko wuta ce ba ta da ƙarfi, ko rile, ko shi kansa kwamfireson.

Bari in ɗan ratse, don na san wani zai ce ai mai gyaranmu haɗa mana ya yi kai tsaye, firji na aiki lafiya. Yana aiki, amma ba ya hutawa. In da wutar KEDCO kaɗai kake, ɗaukewar da ake yi ita ke hutar da shi. Ran da ka mayar da shi kan sola, batirinka ne zai faɗa maka gaskiya kafin asuba.

To, an tabbatar tamostat ne. Abu na farko da saƙonka zai ɗauka shi ne hoton takardar shaidar firjin. Tana manne a bangon ciki, yawanci ta hagu daga ƙasa kusa da akwatin kayan miya, ko a baya kusa da inji. A goge ta da ɗanyen tsumma a hankali, a haska tocila daga gefe don kada haske ya kashe rubutun, sannan a ɗauka. Kada a kwafe da hannu, sifiri da harafin O sun sha rikita mutane. A firjin Bosch ko Siemens lambar da ake nema ita ce wadda ke gaban E-Nr, a na Electrolux da AEG da Zanussi kuwa PNC, sauran kuma a duba Model.

Takardar nan tana da wasu labarai biyu da suka shafe ka ko da mai shago bai tambaya ba. Akwai nau'in gas. In ka ga R12, firjinka tsoho ne sosai, don tun tsakiyar shekarun 1990 Turai ta daina ƙera irinsa. In ka ga R600a, gas ne mai kamawa da wuta, kada wanda ya kusanci bututunsa da wuƙa ko ashana. Sai kuma ajin yanayi. Harafin N yana nufin an yi firjin don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST har 38, T kuma har 43. Yawancin tsofaffin firjin Turai N ne ko SN. Ku ɗauki irin wannan ku ajiye a shago mai rufin kwano a Rogo cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, ba zai tsaya da rana ba, kuma babu tamostat ɗin da za a sayo a Kano da zai canja hakan.

Abu na biyu, wanda ya fi takardar muhimmanci, shi ne lambar da ke jikin tsohon tamostat ɗin kansa. A zare fulogi daga soket tukuna, kashe makunnin bango bai isa ba. A cire abin murɗawa, a kwance ɗan akwatin da fitila ke ciki. Kafin a taɓa waya ko ɗaya, a ɗauki hoto yadda kowace ke zaune, launinta da ƙafar da take kai. Sannan a duba gefen ƙarfen, akwai lamba da aka buga.

A nan nake so ku saurara da kyau, domin a nan kuɗin mutane ke halaka. Tamostat iri-iri ne, ko da a ido kamarsu ɗaya, kuma farkon lambar shi ke faɗin irinsa. Akwai na gama-gari, wanda ke kashewa in sanyi ya kai, ya sake kunnawa da zarar sanyin ya ɗan ragu, tun wurin yana daskare. Shi ake sa wa firiza ta kwance da ƙaramin firji mai ƙofa ɗaya. A Ranco lambarsa na farawa da K50, a na Sin kuma WPF, kuma yawanci ƙafa biyu gare shi. Akwai wani irinsa na firiza mai ƙarin ƙafa don jar fitilar gargaɗi, wato K54.

Akwai kuma na firji mai ƙofa biyu, irin wanda za ka ga bangon bayan ɗakin ƙasa yana yin raɓa, ta daskare, can kuma ta narke ta gangara wani ɗan rami. Wannan dabararsa daban. In ya kashe inji, ba zai sake kunnawa ba sai bangon ya ɗumama ya kai wajen digiri 4 sama da sifiri, ko a wace lamba ka ajiye abin murɗawa. Da gangan aka yi shi haka, don ƙanƙarar bangon ta narke a kowane zagaye. A Ranco shi ne K59, a Danfoss lambar na farawa da 077B6, a na Sin WDF, kuma galibi ƙafa uku.

Yanzu ku duba abin da zai faru in aka musanya su. Ka sa na gama-gari a firji mai ƙofa biyu, ranar farko za ka yi murna, sanyi kamar me. Amma bangon baya ba zai ƙara samun damar narkewa ba. Kwana kaɗan ƙanƙara ta yi tudu, ta rufe bangon, ta hana shi ɗaukar zafi, kayan da ke kusa da ita su daskare, na bakin ƙofa su yi ɗumi. Ka juya kuma, ka sa K59 ko WDF a firiza ta kwance. Zai kashe, ya zauna jiran digiri 4. Kafin ya kunna, naman ya saki, ƙanƙarar sayarwa ta fara zama ruwa, sannan a sake daskarar da su. Duka biyun sun shiga mazauni, wayoyi sun kama, inji ya tashi. Kun ga ke nan «zai shiga» ba ita ce tambayar ba.

Abu na uku shi ne tsawon wutsiya. Kafin a zaro ta, a naɗa ɗan salatif a daidai inda ta shiga bango, don a san iya zurfin da sabuwar za ta shiga. A zaro a hankali, a miƙar, a auna da tef ɗin tela daga jikin tamostat zuwa baki, a santimita. In sabuwar ta fi tsawo ba matsala, ana naɗe ragowar a yi zobe mai faɗi, a ajiye inda ba za ta taɓa wuri mai tsananin sanyi ko zafi ba. In ta gaza, shi ke nan, ba a yi mata ƙari. Ba a yanka ta kuma ba a lanƙwasa ta lanƙwasar karyewa, don iskar ciki na fita tamostat ya mutu. Sai a ƙirga ƙafafu, a lura ko masu faɗi ne ko sirara, domin akwai na milimita 6.3 akwai na 4.8, a kuma duba ko da noti ɗaya ake ɗaure shi ko da sukurori biyu.

Wani gargaɗi a taƙaice. In firjinka mai fanka ne a ciki, wanda ba ya tara ƙanƙara, ko mai madannai da lambobi masu haske a ƙofa, wannan bayanin bai shafe shi kai tsaye ba, tsarinsa daban ne, a nemi mai gyara ya duba.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata baiwar Allah ce a Rogo mai sayar da zoɓo, firjinta Beljiyam ne mai ƙofa biyu, firiza a sama. Zoɓon ƙasa yana daskarewa yana fasa roba, inji ba ya tsayawa ko da sassafe, ko an mayar da shi lamba 1. Ɗanta ya zare fulogi, ya ɗauki hotuna, mai gyaran unguwa ya zaro tamostat. Ga saƙon da ya kamata ya tafi:

«Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Daga Rogo nake, tamostat nake nema na firjin mahaifiyata. Mai ƙofa biyu ne, firiza a sama, ba fanka a ciki, bangon ɗakin ƙasa yana yin raɓa ta narke. Ga hoton takardar jikinsa, ga na tsohon tamostat ɗin. Danfoss ne, lambarsa ta fara da 077B6. Ƙafa uku ne sirara, noti ɗaya ke riƙe shi, wutsiyar santimita 90. Matsalar, ba ya kashewa, kayan ƙasa na daskarewa. Don Allah in akwai irinsa ko madadinsa, a turo min hoton lambar da ke jikin wanda za a ba ni, da tsawon wutsiyarsa, da kuɗinsa. In kuma ya zo bai dace ba, ban ɓata shi ba, za a karɓa a canja? Na gode, Allah ya ba da kasuwa.»

Ku lura, babu tambaya ko ɗaya a ciki da za a sallame ta da «zai yi». Hoto ya nema, da tsawo, da alƙawari. A ce yaron shago ya turo hoton wani an rubuta WPF22, ƙafa biyu, ya ce ai kowane firji yana ɗauka. Ɗan mai zoɓon ya riga ya san amsa, ba sai ya yi musu ba: «Malam, wannan na gama-gari ne, namu mai jiran narkewa ne. A duba min K59 ko WDF.» Sai maigidan shagon ya turo wani na Ranco, a kwalinsa an rubuta VT9, a jikinsa K59-L1102, wutsiya santimita 120, ƙafa uku. Wannan madadi ne da aka yi musamman don firji mai ƙofa biyu. Irin ya dace, tsawon ya wuce da santimita 30 da za a naɗe. Saura ƙafafu. In nasa masu faɗi ne, sai a ce ya haɗo da bakin waya uku masu faɗi, abu ne mai araha, amma in babu shi a garinku sai aiki ya tsaya. Shi madadi ba lallai sanyinsa ya zo daidai da na asali a kowace lamba ba, don haka bayan an ɗaura a fara daga tsakiya, a ba shi wuni guda da wuta tsayayya, a ga yana kashewa yana kunnawa. Lambobin ƙafafun Danfoss da Ranco sukan zo ɗaya, 3 da 4 da 6, na Sin kuwa sau da yawa haruffa ne, H da L da C, don haka in na Sin aka kawo, a bar wa mai gyara haɗin.

Maganar canji a yi ta a rubuce tun kafin kuɗi su fita. Da yawan masu kayan lantarki ba sa karɓar abin da aka riga aka ɗaura, kuma suna da hujja, don wutsiyar da aka lanƙwasa ba ta sayuwa. Saboda haka in kaya ya iso, a jera shi da tsohon a kwatanta lamba da ƙafa da tsawo tun yana cikin ledarsa.

Mu koma kan robar ƙofa. Ita lamba ba ta cika taimako ba, don samun ta asali ta firjin da ya shekara ashirin abu ne mai wuya. Awo da siffa su ne magana.

Da farko a gwada ta. A sami takarda, a rufe ƙofa a kanta, a ja. In ta riƙe, wurin lafiya. In ta zare salin-alin, iska na shiga ta nan. A zagaya duk gefe huɗu, musamman kusurwoyi da ƙasa inda ido ba ya zuwa. Da dare kuma ana iya kunna tocila a ciki a rufe, a duba inda haske ke leƙowa. Wata alamar ita ce ƙanƙara da ke taruwa a gefe ɗaya kusa da ƙofa, ko gumi a bakin firjin. Amma ba duk ɓuli ne laifin roba ba. Ƙofar da aka shekara ana cika ta da manyan robobin ruwa takan sunkuya, ko ta murɗe, sama ya kama ƙasa ya buɗe. Wannan gyaran hinji ne, sabuwar roba ba za ta magance shi ba. Robar da ta lotse kawai, ba ta yage ba kuma ba ta bushe ba, sau da yawa wanki da ruwan ɗumi da sabulu, sannan a gasa ta da tsumma mai zafi ana janyo ta waje da yatsa, yakan tashe ta. Wadda ta yi tauri tana tsagewa, ko maganaɗisun cikinta ya leƙo, ita ce ta gama aiki.

Awon ana yin sa ne tana jikin ƙofa, daga kusurwar waje zuwa kusurwar waje, faɗi da tsayi, kowace ƙofa da nata. In aka cire ta aka shimfiɗa a ƙasa, takan miƙe ko ta karkace, awon ya tashi ba daidai ba. A faɗa a saƙo cewa santimita ne, domin tef ɗin tela fuska biyu gare shi, kuma 22 na inci ya kusa 56 na santimita. Ɗauki hoto tef na kan robar, lambar na fitowa.

Sai abin da kusan kowa ke mantawa, yadda robar ta kama ƙofa. Ka je kusurwa ɗaya, ka ɗaga leɓen ciki da yatsa ka leƙa. In ka ga tana da wani ɗan tsini da ya nutse cikin kwari, ka ja kaɗan ta fito, ka danna ta koma, to ta dannawa ce, ita ta fi sauƙi, amma faɗin kwarin da siffar tsinin sun bambanta daga firji zuwa firji. In ka ga kawunan sukurori jere a ƙarƙashin leɓen, to gindinta shimfiɗaɗɗe ne, farantin cikin ƙofa ne ya danne shi, irin na tsofaffin firji da yawa. In kuwa ba kwari ba sukuru, ka ja ta ƙi, to tun a masana'anta aka haɗe ta da kumfar cikin ƙofa. Irin wannan sai dai mai gyara ya yanke tsohuwar ya manna wata, kuma dole mai shago ya san haka tun farko. Roba mai awo daidai amma gindi daban ba ta da amfani ko kaɗan.

Ga yadda saƙon zai kasance, a ce daga wani mai shagon lemo a Karaye: «Salam Malam, robar ƙofar ƙasa nake nema. Daga waje zuwa waje, faɗi santimita 57, tsayi 104. Mai maganaɗisu ce, ta dannawa cikin kwari. Ga hoton kusurwar da na zaro, da tef a jiki. Don Allah a turo hoton bakin taku a yanke in ga siffarta. Haɗaɗɗiya ce a wannan awon, ko yankawa za a yi a liƙe kusurwa?»

Tambayar ƙarshen nan tana da dalili. In ba a sami daidai awon ba, akan yanko daga doguwa a haɗa kusurwoyi. In da zafi aka narka su suka haɗe, suna riƙewa. In gam aka ɗiga, kusurwar ce za ta fara buɗewa. Kuma abin da aka yanka a kan awonka ba a mayarwa, don haka a auna sau biyu. In hoton bai gamsar ba, kuma ka riga ka yanke shawarar canjawa, yanko ɗan guntu kamar tsawon yatsa daga wurin da ya riga ya yage, ka ba direba ya kai. Gani ya kori ji. Ka toshe gurbin da tsumma da salatif kafin sabuwar ta iso.

Roƙi mai shago kada ya ninke ta ya tura cikin leda, ya naɗe ta da faɗi ya sa a kwali, ka kuma gaya wa direba kada a ɗora mata buhu. In ta iso da lanƙwasa, a jiƙa ta a ruwan ɗumi ta saki kafin a ɗaura. A fara da kusurwoyi huɗu, sannan a bi tsakiya, ba tare da ja ba. Mai sukurori kuma kada a ɗaure su tamau sai an rufe ƙofa an ga ta zauna daidai. Bayan nan a bar ƙofar a rufe na wasu awoyi maganaɗisu ya janyo robar, sannan a maimaita gwajin takarda. Inda ya rage ɗan ɓuli, tsumma mai zafi zai ƙarasa.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya a kan firjinsa ya aiko wa wannan shiri da hoton takardar jiki da na tsohon kayan, za mu duba a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.